Ƙarin Hutun Jinya Idan Sauƙi Ya Yi Jinkiri: Tambayoyi da Amsoshi ga Ma'aikata a Legas

Hutun jinya na farko ba kasafai yake kawo rigima ba. Kowa a wurin aiki ya ji labarin haɗarin ko tiyatar, an zo dubiya, an karɓi takardar asibiti babu gardama. Rigimar tana farawa ne ranar da kwanakin da likita ya rubuta suka ƙare, jiki kuma bai warware ba. Domin bayanin ya zauna, za mu riƙa komawa ga misali guda: direban motar kamfani da ke zaune a Agege yana aiki a Apapa, ya karye a ƙashin ƙwauri, an sa masa filasta, likita ya ba shi mako shida daga Litinin 3 ga Maris zuwa Lahadi 13 ga Afrilu.

Oga ya san ban warke ba, har gida ya zo ya gan ni. Sai na sake kai wata takarda?

Ƙwarai kuwa. Takardar farko tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma a cikin fayil ɗinka waɗannan ranakun kaɗai ta rufe. Direban namu yana cikin hutu har daren 13 ga Afrilu. Idan gari ya waye ranar Litinin 14 ga wata bai zo ba, babu kuma sabuwar takarda, abin da za a rubuta a rajista shi ne bai zo aiki ba kuma bai nemi izini ba, ko da ƙafarsa na cikin filasta.

Sanin da oga ya yi abu ne mai kyau, amma ba shi ke lissafin albashi ba. Mai lissafin yana wani ofishi, wataƙila a Ikeja ko Ikoyi, bai taɓa ganin fuskarka ba, takarda kawai yake dubawa. Ana kuma iya canza wa ogan wurin aiki kana kwance. Kundin dokokin ma'aikata na kamfanoni da yawa ya tanadi cewa wanda ya yi wasu 'yan kwanaki a jere bai zo ba, bai kuma aiko da dalili ba, ana ɗaukarsa ya bar aikin da kansa. Ta wannan ƙofar ake rasa aiki, ba tare da an ko ambaci ciwon ba. Ƙarin hutu sabuwar buƙata ce, tana son sabuwar takardar likita da sabuwar wasiƙa.

Yaushe ya kamata in fara nema?

Tun hutun farko yana da sauran mako guda ko fiye. Ɗauko katin asibitinka ka gwada ranar da aka ce ka koma da ranar da hutun zai ƙare. Idan ranar komawa ta riga ƙarewar hutu, babu damuwa. Direban namu an ba shi Talata 8 ga Afrilu, saura masa kwana biyar kenan ya karɓi takarda ya miƙa.

Matsalar ita ce idan ranar ganin likita ta faɗo bayan hutun ya ƙare, a ce Alhamis 17 ga Afrilu. Hakan yana faruwa sosai, domin a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Igbobi, ko asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja, kowane rukunin likitoci yana da ranarsa ta ganin marasa lafiya, ma'aikacin da ke ba da rana kuma ba ya duba takardar hutunka. Nan kwana uku sun faɗa rami: 14, 15 da 16 ga wata. Hanya biyu ce. Ko ka je wurin masu ba da kati ka roƙi a dawo da ranar baya, ka nuna musu dalili. Ko kuma, in hakan bai yiwu ba, ka rubuta wa ofis tun kafin 13 ga wata cewa ranar ganin likitanka 17 ce, ka haɗa da hoton katin da ke nuna ranar, ka ce takardar ƙarin hutu za ta biyo baya. A ranar 17 ɗin sai ka nuna wa likita takardar farko, ka tambaye shi ko zai bayyana cewa rashin iya aikin ya ci gaba tun daga 14 ga wata. Likitan da yake bin ciwon tun farko zai iya faɗin haka da gaskiyarsa, yana sa ranar da ya rubuta a matsayin 17. Abin da ba zai yi ba, kuma bai kamata a roƙe shi ba, shi ne ya sa kwanan watan ƙarya kamar ya gan ka ranar da bai gan ka ba.

Me zan gaya wa likita a ranar?

A asibitin gwamnati ba ka da lokaci mai yawa a gaban likita, layi na jira a waje. Shi hankalinsa yana kan hoton ƙashi da ciwo, ba kan ofishinka ba. In ba ka tayar da maganar takarda ba, zai rubuta magani da ranar dawowa ya kira na gaba. Saboda haka ka shiga da kwafin takardar farko a hannu, kuma da zarar ya gama duba ka, ka ce: “Likita, hutuna na aiki zai ƙare 13 ga wata, ina buƙatar takardar ƙari.”

Daga nan ka faɗa masa aikin da kake yi dalla-dalla. “Ina aiki a kamfani” ba ta gaya masa komai ba. Ka ce kai direba ne, motar mai giyar hannu ce, ƙafar hagun da ta karye ita ke taka kuloci, kuma kana iya shafe awa uku ko huɗu a cunkoson hanyar Oshodi zuwa Apapa kana takawa kana saki. Ka faɗi yadda kake zuwa aikin ma: keke zuwa tasha, hawa danfo da sanduna biyu, gadar masu tafiya a ƙasa mai matakala. Akawu mai zama a kujera da direba suna iya samun karaya iri ɗaya, amma kwanakin da za a ba su ba za su zo ɗaya ba, kuma likita ba zai bambanta su ba sai an faɗa masa.

Kada ka yi jarumta. Mutanenmu suna da al'adar cewa “da sauƙi” ko da ana cije baki, wannan kuma ladabi ne mai kyau a wurin dubiya. A gaban likita kuwa ka faɗi abin da ke akwai: taku nawa kake iya yi kafin zafi ya tsayar da kai, ko ƙafar tana kumbura da yamma, ko ciwon yana fitar da ruwa.

Shin jinkirin warkewa dalili ne da ofis zai yarda da shi, ko za su ga kamar ina ja ne?

Kwanakin da likita ya rubuta da farko kiyasi ne. Ƙashin ƙwauri na babban mutum yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe sosai, don haka mako shidan farko yawanci lokacin sake dubawa ne kawai. Abubuwan da ke jawo jinkiri sanannu ne: shan taba, ciwon sukari da ba a daidaita ba, ƙwayoyin cuta a wurin rauni, ƙarancin abinci mai gina jiki, da taka ƙafa tun kafin a ba da izini. Bayan tiyatar ciki ko ta haihuwa ma, ɗinki yana iya ruɓewa ko ya buɗe, a koma wankin ciwo na makonni. Duk wanda ya daɗe a ofishin kula da ma'aikata ya ga irin wannan. Abin da ke sa su zargi shi ne shiru, da takardar da ta zo a makare, da wadda ta fito daga wani asibitin da ba shi ya fara jinyar ba kuma babu bayani.

Me ya kamata takardar ta ƙunsa?

Kafin ka bar harabar asibiti ka zauna a benci ka karanta ta layi-layi, ko ka ba wanda ya iya ya karanta maka. Komawa gyara daga Agege ko Mil 12 yini guda ne da kuɗin mota, kuma mai yiwuwa likitan ba ya nan sai mako mai zuwa.

Ta kasance a kan takardar asibitin mai ɗauke da suna da adireshi, ba a kan takardar rubuta magani ba. Sunanka ya zo daidai da yadda yake a katin shaidar aikinka. Wannan yana kama mutanenmu da yawa: a asibiti ɗan'uwa ne ya yanki kati cikin gaggawa ya ba da sunan da ake kira a gida, a ofis kuma sunan yanka da na mahaifi ne, ko kuma a nan an rubuta Muhammadu a can Mohammed. Idan sunayen sun saɓa, ka je sashen ajiye bayanai na asibitin da katin shaidarka a gyara fayil ɗin tukuna. Sai lambar katin asibiti, ranar da likita ya duba ka, da bayanin cewa ba ka iya aikinka ba tukuna. Sai sunan likita a rubuce yadda za a iya karantawa, da muƙaminsa, da sa hannu, da hatimi. Idan ya sa lambar rajistarsa ta Hukumar Likitoci ta Ƙasa, wato MDCN, ya fi, domin da ita ake tabbatar da cewa likita ne na gaske.

Abin da ya fi kowane muhimmanci shi ne ranakun. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa ƙarara. Ga abin da ke faruwa idan likita ya rubuta “mako huɗu” kawai ranar 8 ga Afrilu: ofis zai ƙirga daga ranar da ke kan takardar, hutun ya ƙare 5 ga Mayu. Direban kuwa a ransa ya ɗora mako huɗun a kan 13 ga Afrilu, yana ganin yana da hutu har 11 ga Mayu. Kwana shida kenan tsakani, kowa yana ganin shi ne da gaskiya, ƙarshenta a yanki albashi ko a aiko da takardar neman ba'asi. Maganin wannan jimla ɗaya ce: daga 14 ga Afrilu zuwa 11 ga Mayu, za a sake duba shi 6 ga Mayu. Sabuwar takarda ta fara washegarin ranar da tsohuwa ta ƙare, babu rami, babu hawa kan juna. Sanya ranar sake dubawa kuma yana kwantar wa ofis hankali, domin sun san ranar da za su sake jin labari.

Ofis sun ce su rahoto suke so, ba takardar hutu ba. Mene ne bambancin?

Takardar hutu gajera ce, a asibitoci da yawa fom ne da aka riga aka buga mai kan `Excuse Duty Certificate`, likita ya cike ya sa hannu a ranar. Rahoton likita kuwa wasiƙa ce da ake bugawa, tana bayyana yaushe aka fara jinya, me aka yi, ina aka kwana, da abin da ake sa rai. A asibitin gwamnati yawanci sai ka rubuta buƙata, ka biya kuɗi a wurin biya na asibitin ka karɓi rasit, a nemo fayil, babban likita ya duba ya sa hannu. Yana iya cin kwanaki, wani lokaci makonni.

Saboda haka kada ka zauna jiran rahoto hutu ya ƙare. Miƙa gajerar takardar nan take, ka haɗa da hoton rasit ɗin neman rahoto, ka ce yana tafe. Kuɗin kuma a biya a inda ake ba da rasit. Wanda ya tare ka a baranda ya ce zai fito maka da takarda cikin awa guda, ka rabu da shi. Ofisoshi suna rubuta wa asibiti su tambaya, idan aka duba babu wannan takardar a fayil, ciwonka na gaskiya ba zai cece ka ba: takardar jabu dalilin kora ce nan take, laifi ne kuma a doka.

Dole ne a rubuta sunan ciwona? Ba na son kowa a ofis ya sani.

Abin da mai aiki yake buƙatar sani shi ne ba ka iya aiki, har zuwa yaushe, da abin da za ka iya in ka dawo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗauki bayanan majiyyaci a matsayin sirri, asibiti ba zai ba ofishinka su ba sai da yardarka a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da cutar HIV a wurin aiki.

Karaya ba abin ɓoyewa ba ce, amma mai fama da ciwon damuwa, ko matar da ta yi ɓari, tana iya roƙon likita ya taƙaita ya ce tana ƙarƙashin kulawarsa kuma ba ta iya aiki daga rana kaza zuwa rana kaza. In ofis ya nace sai cikakken bayani, a nemi rahoton ya tafi a rufaffen ambulan zuwa ga likitan kamfani. Ko mene ne ciwon, kada a tura takardar cikin rukunin WhatsApp na ma'aikata.

Ta yaya zan haɗa takardar da wasiƙar? A waya nake komai.

Fara da wasiƙar, gajera, da Turanci tunda shi ne harshen ofis a Legas. Ta ƙunshi sunanka da lambar aikinka da sashenka, ranakun hutun farko, cewa likita ya sake duba ka ranar kaza ya ƙara hutu daga kaza zuwa kaza, ranar sake dubawa, lambar wayar da za a same ka, da jimlar da ke cewa takardar likita tana haɗe. Ka rufe da roƙon a amsa maka a rubuce. Ba wurin dogon labari ba ne.

Sai ɗaukar takardar. Shimfiɗa ta a kan tebur mai duhun launi, kusa da taga da rana, ka kashe fitilar kyamara domin haskenta yana shafe hatimi. Riƙe wayar a saman takardar sosai, kusurwoyi huɗu su fito. Ya fi kyau ka yi amfani da `Scan` da ke cikin Google Drive, ko `Scan Documents` da ke cikin Notes a iPhone, domin suna miƙe takardar su mayar da ita PDF. In shafi biyu ne, su shiga fayil ɗaya. Bayan ka gama, buɗe ka zuƙo hoton a kan ranakun da hatimin. Idan kai ba ka iya karanta sunan likitan ba, su ma ba za su iya ba. Sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana, da kan imel mai bayyana kansa, kamar haka:

```
Subject: Extension of Sick Leave, Staff No. 0000, 14 April to 11 May
Attachment: 0000_doctor_note_14Apr-11May.pdf
```

A Gmail ka taɓa alamar maƙalar takarda, ka zaɓi `Attach file`, ka jira har sunan fayil ɗin ya bayyana a ƙasan saƙon kafin ka danna `Send`. Aika wa ofishin kula da ma'aikata, ka sa shugaban sashenka a `Cc`. Daga nan ka shiga `Sent` ka buɗe saƙon ka ga fayil ɗin yana ciki. Idan netwok ya yi rauni saƙon yakan maƙale a `Outbox`, mutum yana zaune yana ganin ya aika.

Inda kamfani ke da shafin neman hutu, abubuwa uku ne suka fi hana fayil shiga: girmansa ya wuce iyakar da aka rubuta kusa da wurin ɗorawa, ko hoton iPhone ne mai ƙarshen HEIC shafin kuma PDF ko JPG yake karɓa, ko kuma an zaɓi hutun shekara maimakon `Sick Leave`. Na ƙarshen nan ya fi ɓarna, domin shafin zai karɓa babu ƙorafi, kwanakin hutun shekararka kuma su tafi. Wasu shafukan ba sa bari a gyara hutun da aka riga aka amince da shi, sai dai ka buɗe sabuwar buƙata da ke farawa 14 ga wata. Ka ɗauki hoton allon bayan ka tura. Idan kuwa ta WhatsApp aka ce ka aiko, tura ta a matsayin `Document`, domin in ka tura a matsayin hoto manhajar tana rage ingancinsa, ƙananan rubutu su dushe.

Sun ce sai an kawo ta asali da hannu, ni kuma ba na iya fita.

Aiki ɗan'uwa ko abokin aiki. A yi fotokwafi biyu na wasiƙar da takardar. A manne ta asali a bayan wasiƙar, a miƙa, sannan wanda ya karɓa ya buga hatimin karɓa a kan kwafinka, ya sa suna da hannu da kwanan wata. Wannan kwafin shi ne shaidarka, a dawo maka da shi gida. Kada a bar takardar a hannun mai gadin ƙofa a juya. Ka kuma tura ta waya a ranar, domin a sami shaida biyu.

Masu gadi, masu shara da direbobin da wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ya kawo su, su lura: takardar tana zuwa ga kamfanin da ke biyan albashi ne, a ba wurin da ake tsayawa aiki kwafi. Da yawa suna kai wa wurin da suke gadi kawai, ainihin mai aikin kuma bai ji komai ba.

Ina so in tafi gida Arewa in ƙarasa jinya, a nan babu mai kula da ni. Ya halatta?

Dalili ne mai ƙarfi, ɗaki guda a Legas da banɗaki a waje ba wurin jinyar karaya ba ne. Amma a yi shi da tsari. Tambayi likita ko jikin zai ɗauki doguwar tafiyar, domin zama a mota yini da dare da ƙafa a filasta yana da haɗarin kumburi da daskarewar jini a jijiya. Karɓi takardar tura majiyyaci zuwa wani asibiti a can, ka tafi da hotunan ƙashinka. Sanar da ofis a rubuce inda za ka kasance, ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi izinin barin wurin aikinsa tukuna. Idan takardar ƙari ta fito daga Kano ko Sakkwato, ka haɗa ta da kwafin takardar turawar, domin ofis ya ga yadda jinyar da aka fara a Legas ta koma can.

A gida za a kawo maganar ɗori, wannan babu makawa. Ko me iyali suka yanke, takardar maɗori ba ta rufe ko kwana ɗaya a ofis, haka ta mai kemis. Doka likita mai rajista ta ambata. Cire filasta a kai ƙafar wani wuri kuma yana iya mayar da jinyar baya, sannan likitan da zai rubuta maka ƙarin hutu sai ya ga abin da ya faru.

Za a ci gaba da biyana albashi?

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci albashin kwanakin aiki har goma sha biyu a shekara idan likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyar. Sashe na 19 kuma ya ce ba a lissafa alawus da kuɗin ƙarin lokaci a ciki. Ga direban namu, in yana aikin kwana biyar a mako, goma sha biyun sun ƙare tun Talata 18 ga Maris, ana tsakiyar hutun farko. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta tilasta, kuma ta fi shafar masu aikin hannu da akawuna. Manajoji da ƙwararru takardar ɗaukar aikinsu ce ke magana.

Abin da ya wuce haka yana cikin takardar ɗaukar aiki, kundin dokokin kamfani, ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago. Wasu wuraren suna biyan cikakken albashi na wani lokaci, sannan rabi, sannan hutu babu albashi. Tambayi wannan a rubuce tun a wasiƙar neman ƙari, ka san abin da zai shigo ƙarshen wata kafin mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Idan aka ce za a cire daga hutun shekararka, a rubuta kwana nawa.

A aikin gwamnatin tarayya, dokokin aiki na 2008, kafin na 2021 su maye gurbinsu, sun sa iyakar kwana 42 cikin wata goma sha biyu ga wanda ba a kwantar a asibiti ba, wanda aka kwantar kuma har wata uku a karon farko. Bayan haka sai a gabatar da mutum gaban kwamitin likitoci su duba ko zai iya ci gaba da aiki. Ma'aikacin jihar Legas ya duba dokokin aikin jihar a ofishin mulki na ma'aikatarsa.

A bakin aiki na ji raunin. Akwai bambanci?

Akwai, babba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta rufe raunin da aka ji a bakin aiki, har da wanda aka ji a hanya tsakanin gida da wurin aiki. Ma'aikaci ko wani nasa ya sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, neman diyya kuma a shigar cikin shekara guda. A irin wannan, roƙi likita ya rubuta ranar haɗarin da yadda ya faru a cikin rahoto, kuma ka ajiye kowane rasit na magani, hoto da gashin ƙashi.

Sun ce sai likitansu ya duba ni. In je?

Ka je. Sashe na 16 ɗin da ya ba ka albashin jinya shi ne ya sa sharaɗin ka yarda likitan da mai aiki ya zaɓa ya duba ka. Ƙin zuwa yana ba su hujja. Tafi da hotunan ƙashi na farko da na baya-bayan nan, sakamakon gwaji da kwafin takardun biyu. In ra'ayinsa ya saɓa da na likitanka, nemi a ba ka a rubuce, ka kai wa babban likitan da ke jinyarka ya amsa.

Za su iya sallamata ina cikin jinya?

A kamfani mai zaman kansa babu wani adadin watanni da doka ta ce dole a riƙe wa mara lafiya gurbinsa. Mai aiki yana iya kawo ƙarshen kwantiragi da sanarwa, wadda a Dokar Ƙwadago take kaiwa wata guda ga wanda ya shekara biyar ko fiye. Mace kuwa da likita ya tabbatar cewa ciwon da ya hana ta dawowa daga ciki ko haihuwa ya samo asali, sashe na 54 ya hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutun. Wanda yake ganin an zalunce shi ya fara da ƙungiyarsa ta ƙwadago ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Ikoyi. A can abin da za a nema shi ne takardun likita da ranakunsu a jere, da shaidar cewa ofis ya karɓa.

Na ji sauƙi amma ban kai in koma cikakken aiki ba. Sai in sake neman hutu na uku?

Ba lallai ba. A ganin likita na 6 ga Mayu direban zai iya neman takardar sassaucin aiki. Ita ma tana son iyaka bayyananniya: ba tuƙi, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba doguwar tsayuwa, na tsawon mako kaza, da ranakun zuwa gashi. “Aiki mara nauyi” kaɗai kowa zai fassara yadda ya so, washegari a miƙa maka makullin mota. Aika takardar kafin ranar dawowa, domin a sami lokacin nemo maka aikin tebur, kamar rajistar shiga da fitar motoci. Idan kamfani ya ce ba shi da irin wannan gurbin, su faɗa a rubuce, ka kai wa likita ya mayar da ita takardar hutu. Kafin ka koma bayan sitiyari kuwa, karɓi takardar da likita ya tabbatar ka warke ka iya tuƙi, a sa ta a fayil ɗinka tare da sauran.